Kafin ka biya kuɗin 'yar Beljiyam, kai ta rami

A wuraren sayar da motoci na Kano da Kaduna da Maraɗi, yawancin ciniki daga sama ake ƙulla shi. Mai saye ya zagaya motar sau biyu, ya shafa fenti, ya kunna na'urar sanyaya ciki, ya danna rediyo, a ɗaga masa bonet ya ga inji wanke tas yana ƙyalli. Dillali na gefe yana faɗin ko kusa ɗaya ba za a canza ba, mai kawai za a zuba a kama hanya. Daga nan sai batun kuɗi da la'ada. Ba kasafai ake ganin wanda ya durƙusa ya leƙa ƙasa ba, balle ya ce a kai motar rami. Alhali gyaran da ke cin kuɗi, da lahanin da ba ya gyaruwa sam, kusan duk a can ƙasan suke.

Dalilin yana cikin inda motocin suka fito. Sunan Beljiyam ya bi su tun lokacin da tashar jiragen ruwa ta Antwerp ke kan gaba wajen lodo su zuwa Kwatano da Legas, amma a yau da yawansu daga Amurka da Kanada suke, an sayo su a kasuwannin gwanjo irin su Copart da IAA. A jihohin arewacin Amurka, kamar New York da Michigan da Ohio da Pennsylvania, da kuma Ontario da Quebec na Kanada, ana watsa gishiri a kan titi duk lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Tayoyi su feso ruwan gishirin nan zuwa ƙasan mota, ya shige ramukan ƙarfe da mahaɗai, ya cakuɗe da laka ya zauna. Motar da ta yi shekara goma tana shan wannan wanka, fentinta na iya zama kamar jiya aka fesa, ƙasanta kuwa ya ci rabi. Wadda ta yi rayuwarta a Arizona ko cikin Texas, rana ta ƙona mata fenti da kujeru, amma ƙarfenta lafiya lau. Idanun mai saye sukan kai shi ga ta farkon.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan gishiri. A 2010 Toyota ta yi kiranyen motocin Sienna kusan 600,000 ƙirar 1998 zuwa 2010 a jihohi masu sanyi na Amurka, saboda igiyar ƙarfen da ke riƙe safaya taya a ƙasan motar tana tsatsa har ta tsinke, tayar ta faɗo kan titi. A 2016 kuma kamfanin ya amince da sulhu na kusan dala biliyan 3.4 a kan shasin Tacoma da Tundra da Sequoia da tsatsa ta cinye. Sienna irin waɗannan shekarun su ne suka cika tashoshinmu suna jigilar fasinja.

Wasu masu saye suna duba lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, su ce ai ta fara da J, don haka 'yar Japan ce, ko ta fara da 2, don haka 'yar Kanada ce. Harafin farko ƙasar da aka ƙera motar kawai yake nunawa, ba ya faɗin inda aka tuƙa ta. Rahoton tarihi irin na Carfax kan nuna jihohin da aka yi mata rajista, kuma yana da amfani, sai dai takarda ba ta ganin ƙarfe. Ido da sukundireba ne ke gani.

Mu ɗauki mota guda mu bi ta daki-daki: Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, mai inji 1ZZ-FE na lita 1.8, wadda babu garejin da bai san ta ba.

Da farko a nemi rami ko na'urar ɗaga mota. Yawancin masu gyaran ƙafa da wuraren saita tayoyi suna da rami, kuma kuɗin da za su karɓa bai taka kara ya karya ba. Idan babu, sai an ɗaga da jak, to a sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota a kan daɓe mai ƙarfi, a ja birkin hannu, a danne tayoyin da ke ƙasa da katako. Jak ɗin da ke cikin but na canjin taya ne, kuma bulon siminti yana rugujewa ba tare da gargaɗi ba. Babu ragin kuɗin da ya kai mutum ya sa ƙirjinsa ƙarƙashin mota mai nauyin fiye da tan ɗaya a kan su. Kayan aiki kaɗan ne: tocila mai haske sosai, doguwar sukundireba mai faɗin baki, ƙaramar guduma, ƙarfen banƙara irin na masu faci, da farin tsumma. Bakaniken kuma ya zama naka. Wanda dillali ya kawo, ko da mutumin kirki ne, gobe ma a filin zai ci abinci.

Tsatsar da ake bari da wadda ake gudu

Duk motar da ta haura shekara goma sha biyar za a ga ja-ja a ƙasanta, don haka ganin tsatsa kaɗai ba dalilin fasa ciniki ba ne. Salansa takan yi ja saboda zafi. Kan kusoshi, da gangar birkin baya, da jikin ƙarfen zubi mai kauri, duk sukan yi wata siririyar tsatsa wadda in ka goga da sukundireba za ka ga ƙarfe mai ƙyalli a ƙarƙashi. Wannan a goge, a shafa maganin tsatsa da fenti, shi ke nan, musamman a busasshiyar ƙasa irin tamu inda cinta ke raguwa ƙwarai.

Ta biyu ita ce mai ɓawo. Tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga jikinsa, shi ya sa idan ta shiga tsakanin falle biyu da aka haɗe da walda sai ta kumbura su, bakin mahaɗin ya buɗe, ƙarfen ya riƙa ɓarewa falle-falle. A nan ake buƙatar guduma. Ƙarfe mai lafiya in an ɗan ƙwanƙwasa shi amsawa yake da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓarɓashi na zubo maka a fuska. Sai a dafa bakin sukundireba a wurin a danna da ƙarfin hannu. Idan ya lotsa ko ya huda, an shiga mataki na uku, wato ƙarfen ya ƙare. A nemi izinin mai mota kafin a fara dannawa. Wanda ya hana a taɓa, ya riga ya ba da amsa.

Inda tsatsar take ya fi yawanta muhimmanci. Corolla ba ta da shasi daban kamar Hilux. Jikinta shi ne shasinta, don haka wasu sassan bodin su ne ke ɗauke da nauyi. A fara da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, daga tayar gaba zuwa ta baya, tare da siririn bakinsa inda ake kafa jak. Idan wurin kafa jak ya murƙushe ya shige ciki, alama ce cikin ya ruɓe, domin wannan ƙarfe daga ciki yake fara lalacewa. Daga nan a bi dogayen ƙarafa biyu da suka taso daga gaba suka bi ƙarƙashin daɓen motar, sai firam ɗin gaba wanda lowa-am da sitiyarin rak ke ɗaure a jikinsa, sai wurin da gatarin baya ya kama bodi, sai saman shokazoba ta cikin marfin taya. A gwajin MOT na Birtaniya, ruɓewa mai raunana ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda ƙafa ko sitiyari ko birki ko bel ɗin kujera ke ɗaure tana kayar da mota. Ma'auni ne mai kyau ga mai saye a ko'ina: kusan tsawon takardar rubutu guda daga kowace babbar kusa, ƙarfe ya zama garau.

Akwai bambanci a nan da ya shafi aljihu. Firam ɗin gaba da gatarin baya da kusoshi aka ɗaure su, ana iya kwance su a sa na Beljiyam masu kyau. Amma idan wurin da kusar ke shiga a jikin bodi ne ya ruɓe, ba abin da za a ɗaura sabon a kai. Mai walda zai ce zai iya, kuma zai manna falle ya shafe da baƙin fenti, sai dai facin da aka ɗora kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya mayar da ƙarfin da zai riƙe mota a ranar haɗari.

Abin da aka fi mantawa shi ne bututun birki. Siraran bututun ƙarfe ne da suka bi ƙarƙashin daɓe zuwa baya, tare da na fetur, maƙale da 'yan robobi. A ƙarƙashin robobin nan da kuma saman tanki gishiri ke taruwa. Bututun da ya yi ƙuraje ko ya kumbura na iya fashewa a daidai lokacin da aka taka birki da ƙarfi, domin a lokacin ne matsin mai ya fi yawa. Wannan ba a dannarsa da sukundireba, ido kawai ake sawa. Canza shi ba tsada ba ne, amma ba a hawa babban titi kafin a canza.

Sai kuma baƙin fenti mai kauri irin na kwalta. Motar da ta shekara goma sha takwas amma ƙasanta baƙi wuluk, yana ƙamshin sabon fenti, har feshin ya taɓa salansa da kusoshi da robobi, ta cancanci tambaya. Na kamfani ba ya hawa kan salansa. A danna irin wannan wuri da babban yatsa. Idan ya yi laushi ko ya yi ƙaras-ƙaras a ƙarƙashi, ɓawon tsatsa aka lulluɓe. A ɗaga shimfiɗar but a duba ramin safaya taya, a kuma leƙa ƙarafan da ke ƙarƙashin kujeru. Tsatsa a nan, tare da busasshiyar laka a lungunan da ruwan titi ba ya kaiwa, alamar motar ambaliya ce, irin waɗanda suka cika gwanjo bayan guguwar Sandy a 2012 da Harvey a 2017. Matsalar waɗannan ta wuce ƙarfe, ta shiga wayoyi.

Ƙafa

Lalacewar ƙafa ba ta cika zama dalilin barin mota ba, dalilin rage kuɗi ce, in dai an gano ta kafin a biya. Ana ɗaga gaban Corolla ta jikin bodi yadda tayar za ta yi lilo. A kama ta sama da ƙasa, a girgiza ciki da waje. Idan akwai wasa ko ƙwas-ƙwas, ko bol-joyin ne ko boris na wili. Rarrabe su ba wuya: wani ya taka birki ya riƙe, a sake girgizawa. In wasan ya ɓace, boris ne, domin birki ya damƙe faifan. In yana nan, bol-joyin ne. Sai a kama tayar hagu da dama a girgiza, ɗaya na haska tayarod da tocila. Wasan da ya fito ta nan na tayarod ne, na waje ko na ciki da ke cikin robar rak. Daga ƙarshe a juya tayar da hannu, ɗaya hannun na kan sifirin. Boris da ya fara mutuwa kan aiko da gurzawa ta jikin sifirin tun kafin kunne ya ji kukansa a hanya.

Wannan hanya ba ta yi wa kowace mota aiki. Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2005, wadda ake ce wa EOD, tana da hannu biyu a gaba, sama da ƙasa, kuma sifirinta a kan lowa-am yake danna nauyi. Idan aka bar tayar tana lilo, ƙarfin sifirin na ɗaure bol-joyin na ƙasa tam, ko ya mutu ba zai yi wasa ba. Dole a tokare lowa-am ɗin kansa da jak kusa da taya, sannan a sa ƙarfen banƙara ƙarƙashin tayar a ɗaga. Masu irin wannan mota da yawa an gaya musu ƙafa lafiya, sai ga taya ta kwanta a tsakiyar titi.

Bushin na lowa-am, musamman babban na baya, a sa masa ƙarfen banƙara a motsa. 'Yan tsage-tsage a fuskar robar tsufa ne kawai. Robar da ta rabu da ƙarfenta ko ta yage gida biyu ta gama aiki, kuma ita ke sa mota ta ja gefe in an taka birki. A duba robar shaf ta kusa da taya da ta kusa da giyabos. In ta yage za a ga giris ya fantsama a zagaye a cikin wili, kuma in ƙasa ta riga ta shiga, motar za ta riƙa ƙas-ƙas-ƙas idan an karya kan sitiyari gaba ɗaya ana tafiya a hankali. Shokazoba mai ɗan danshi da ƙura ta manne masa na iya ci gaba da aiki. Wanda mai ya gangaro jikinsa ya jiƙe shi ya mutu, kuma bibbiyu ake canza su. A shafa sifirin har zagayensa na ƙarshe na ƙasa, domin a nan na ƙasashen gishiri ke karyewa, guntun ya zauna a mazauninsa ba a lura ba.

Tayoyi ma shaidu ne, in ba a canza su ba. Cin gefen ciki kaɗai na nuna saiti ya kauce ko wani abu ya lanƙwashe. Cin tudu-da-kwari a zagaye na nuna shokazoba. Idan lowa-am na gefe ɗaya sabo ne fil, kusoshinsa na ƙyalli, na ɗaya gefen kuwa tsoho, a duba dogon ƙarfen bodi na wannan gefen da kyau ko akwai tamoji ko sabuwar walda. Mai yiwuwa ta nan motar ta sha duka.

Bin sawun mai

Injin da aka wanke ba ya nuna yoyo, shi ya sa ake fara leƙawa, sannan a fita da motar a yi tafiyar minti 15 zuwa 20 har ta yi zafi, a dawo rami a sake leƙawa, ana kiyaye salansa kada ta ƙona hannu. Duk wurin da ya jiƙe a dangwala farin tsumma. Baƙi ko ruwan zuma, baƙin mai ne. Ja mai santsi, man giya ne na mota mai sarrafa kanta, ko na sitiyari, domin a wannan Corolla kusan iri ɗaya ne. Ja ko ruwan hoda mai kama da ruwa, wanda ke barin ɓawo idan ya bushe, ruwan lagireto ne. Ruwa zalla da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja bayan an kunna na'urar sanyi ba komai ba ne. Mai haske mai santsi a bayan taya ko a gindin gangar birki, man birki ne, kuma shi da warin fetur ba a yi musu uzuri.

Ƙa'idar ita ce mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma baya take tura shi, saboda haka inda yake ɗiga ba nan ya fito ba. A bi sawunsa da tocila sama da gaba har a kai wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Injin 1ZZ-FE misali ne mai kyau. Sau da yawa za a ga botom-filet ya yi baƙi ta gefen fasinja, bakanike ya yanke hukunci cewa sai an sauke shi an sake liƙewa. In aka bi sawun ta bayan inji, ta ɓangaren da ke fuskantar cikin mota, sai a tarar ya faro ne daga tenshona na sarƙar tayimin, wani ɗan ƙarfe da noti biyu suka riƙe, mai zoben roba da ke bushewa da tsufa. Gyara ne ƙarami. In sawun ya wuce nan ya kai bakin murfin saman inji, gaskit ɗin murfin ne, shi ma mai sauƙi.

Wanda ke da nauyi shi ne man da ke fitowa daga mahaɗin inji da giyabos, saman kuma a bushe. Baƙi ne, oyil-sil na bayan kiranshaf ya tafi. Ja ne, na gaban giya ne. Robar kanta ba tsada, amma sai an sauke giyabos kafin a kai gare ta, don haka kuɗin aiki ne da kwana a gareji. A duba kuma kusar juye baƙin mai. Idan an lafta mata gam ko an naɗe ta da zare, haƙoranta sun cinye. Botom-filet da ya lotsa ciki na nuna an daki dutse ko tudun rage gudu, kuma lotsawa mai zurfi na iya matse bakin bututun da ke zuƙo mai. Injin nan kusan lita huɗu kawai yake ɗauka, saboda haka ɗigon da ke barin tabo a ƙasa kowane dare ba ya daɗewa kafin ya taɓa ma'auni. Robar sitiyarin rak kuma a matsa ta da yatsa: a bushe ya kamata cikinta ya kasance, in mai ya fito, rak ɗin ke yoyo.

Tunda ana ƙasa, a kalli tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke ce wa indomi. Sabuwar walda a gabanta da bayanta, ko tsaga da aka ɗinke a cikinta, na nufin an kwashe abin da ke ciki an sayar, abin da ke faruwa da motoci da yawa tsakanin tashar ruwa da filin sayarwa.

A ce an gama da wata Corolla 2006, ga abin da aka samu: ja-ja a salansa da gatarin baya amma guduma na amsawa da kaifi, wuraren kafa jak a miƙe, bushin na lowa-am na dama ya yage, robar shaf ɗaya ta tsage amma ba ƙara, shokazoba na baya ɗaya ya jiƙe, mai kuma daga tenshona yake. Jerin ya yi tsawo, amma wannan motar saye ce. A ɗauki hoton kowane lahani da waya, a kira mai sayar da kayan gyara a ji farashin lowa-am, da robar shaf da giris, da shokazoba biyu, da zoben tenshona, a haɗa da kuɗin aiki da na saita tayoyi, a ajiye jimillar a gaban dillali a ce a cire ta daga kuɗin mota. Lissafin da ke da hoto da farashi ya fi wuyar musantawa fiye da cewa motar ta yi tsada.

A ce kuma ga wata, shekararsu ɗaya, fentinta ya fi kyau, ƙafarta tsit, injinta a bushe, amma sukundireba ta shige ƙarfen ƙarƙashin ƙofar baya, ɗan taƙi kaɗan daga inda gatari ya kama bodi, kuma an fesa baƙin fenti a wurin. Lahani ɗaya ne tak, dillali kuma zai yi saurin rage kuɗi mai tsoka, har ya ce akwai mai waldar da zai gama kafin la'asar. A biya mai rami da bakanike haƙƙinsu, a mayar da makulli, a ce a fito da ta gaba.